Biro ba ya taɓa fom sai an gama aiki a gefe

Maigida, jiya na cika wa wata mata daga Kamba fom ɗin buɗe asusun banki, da manyan baƙaƙe kamar yadda ka koya mini. Harafi ɗaya ya kuɓuce mini a sunan mahaifinta, na shafa tifes na rubuta a kai, ya fito tsaf. Amma sun maido ta da takardar, wai a sake wata. Me ya sa suka ƙi, kuma yaya zan yi in na yi kuskure alhali ka hana ni sokewa?

Zauna tukuna, ajiye biron nan ka saurara.

Akawun da ke karɓar takarda ba kyan rubutu yake dubawa ba. Tambaya ɗaya ce a ransa: in wata rana rigima ta taso kan wannan asusu, aka zaro fom ɗin daga fayil, zai iya cewa abin da ke ciki shi ne abin da mai ita ta sa wa hannu? Tifes yana rufe abin da ke ƙasa, ba wanda ya san me aka binne, ko wa ya binne shi, ko an yi kafin ta dangwala yatsa ne ko bayan ta tafi. Kai ka san harafi ɗaya ka gyara. Shi bai sani ba, kuma shi za a tuhuma. Haka kankarewa da reza, haka maimaita harafi da biro har ya yi kauri. Duk gyaran da ya ɓoye kansa, akawu yana kallonsa da zargi, musamman a suna, ranar haihuwa, lamba da adadin kuɗi. Ɗaga takardar zuwa haske kawai zai yi, wurin ya nuna.

To tunda gyara yana da tsada haka, aikinmu yana gaban rubutu ne. Kafin komai ka ba da fom ɗin a yi maka kwafi a shagon da ke gefenmu, ka yi aikin farko a kan kwafin. In babu wuta ko mai fom ba ya son kashe kuɗin kwafi, farar takarda ta isa. Sannan ka ce a miƙo maka takardar NIN, ka ajiye ta gabanka. Daga nan za ka kwashi suna, ba daga bakin mai shi ba. Mutum zai ce maka sunansa Muhammadu, a takardarsa MOHAMMED ne ko MUHAMMAD. Za ta ce A'i, an rubuta AISHATU. Banki zai gwada abin da ka rubuta da abin da ke kan NIN da BVN, in sun saɓa ko da harafi ɗaya ne magana ta tsaya. Ko ka ga an rubuta sunan ba daidai ba a katin, kwafe shi yadda yake. Gyaran suna aikin ofishin da ya ba da katin ne, wani lokaci har da takardar rantsuwa daga kotu, ba aikin teburinmu ba ne.

Mu ɗauki irin matar taka ta Kamba mu bi fom ɗin tare. A ce ana kiranta Hadiza, mahaifinta Mu'azu. In ka tambaye ta suna za ta fara da nata, don haka muke faɗi a gida. Amma layin farko a yawancin fom SURNAME ne, wato sunan mahaifi ko na dangi, sai FIRST NAME ya biyo. Rabin takardun da ake maido wa yaran da suka fara wannan aiki daga nan suke samun matsala: hannu ya riga ido, an zuba HADIZA a gidan MUAZU. Ka lura na ce MUAZU. In katin bai sa alamar nan ta tsakanin U da A ba, kai ma kada ka sa. Haka lanƙwasar Ƙ da Ɗ da Ɓ. Da Hausa muna rubuta su, amma a katin Ɗanladi DANLADI za ka tarar, kuma wanda zai shigar da fom ɗin cikin kwamfuta yana iya ɗaukar lanƙwasar a matsayin wani harafi ko gyara. Bar ta.

Inda aka ja gidaje ƙanana, harafi ɗaya gida ɗaya, kuma ka tsallake gida guda tsakanin kalma da kalma. Ƙirga kafin ka fara. ABDULRAHMAN haruffa 11 ne. In akwai wani suna a layin, ka haɗa da gidan da za a tsallake, ka ga ko za su shiga. Adireshi ne ya fi cin mutane, ka fara da fara'a da manyan haruffa ka iso ƙarshen layi saura sunan unguwa, sai ka shiga cusa biyu a gida ɗaya. A kan kwafin za ka gane haka, ka rage abin da za a rage. Inda babu gidaje sai layi kawai, ka ɗora haruffan a kan layin, tsayinsu ɗaya, kada su jingina da juna.

Ranar haihuwa kuma ka dubi ƙananan haruffan da aka buga a ƙasan gidajen. In DD MM YYYY ne, rana ce farko, sai wata, sai shekara cikakkiya. Wadda aka haifa 3 ga Yuli 1994, za ka rubuta 03, sai 07, sai 1994. Sifilin nan na gaba ba ado ba ne, in ka bar gidan fayau wani na iya cusa 1 ko 2 ya mai da 3 ta zama 13 ko 23.

Sai gidan da ya fi kama 'yan Kebbi, na ƙaramar hukuma. Matar za ta ce maka ita 'yar Kamba ce, gaskiya ta faɗa, amma babu ƙaramar hukuma mai suna Kamba. DANDI za ka rubuta. Kangiwa tana Arewa Dandi, Dakingari tana Suru, Mahuta tana Fakai, Wara tana Ngaski. Ashirin da ɗaya ne gaba ɗaya a jihar nan, ka haddace su da hedikwatocinsu, ba wani nauyi ba ne. Haka in dattijo ya zo da tsohuwar takardar makaranta mai cewa jihar Sakkwato, ka tuna an cire Kebbi daga Sakkwato a 1991. Mutumin Argungu yau KEBBI zai sa a gidan jihar asali, ko da an haife shi kafin nan.

Lambobi ka ƙirga su da bakin biro bayan ka rubuta. NIN 11 ce, BVN 11, lambar waya da sifilinta na farko 11, lambar asusun banki 10. In ka ƙirga ka samu goma a inda ake son sha ɗaya, ka san ɗaya ta faɗi, yawanci inda lamba ta zo sau biyu a jere. Ka ba siffofinsu haƙƙinsu: 1 tsaye ba tare da dogon baki ba don kada ta zama 7, 5 da kai a miƙe don kada ta zama S, 0 a rufe ruf don kada ta koma 6. A haruffa kuma U da V su ne masu rikici, sai D da O in ka yi gaggawa.

Duk wannan ka gama a kwafi, ka karanta wa mai takarda da Hausa tana ji, ta ce e haka ne. Sannan ka jawo fom na gaske. Biro baƙi ko shuɗi, wanda fom ɗin ya ambata, kuma biro ɗaya daga farko har ƙarshe, don canjin tawada a tsakiyar takarda shi ma yana kama da sa hannun mutum biyu. Ja da kore ba namu ba ne. Gwada shi a gefe tukuna. Da zafin bazarar nan ta Birnin Kebbi biro yakan yi amai, ɗigo ɗaya a kan harafi ya isa ya ɓata aiki. Sa takarda biyu ko uku a ƙarƙashi don bakin biro ya zauna, wata kuma a ƙarƙashin hannunka saboda gumi. Kuma in kana kwafewa, kada ka yi hira. Ko gaishe ka aka yi, ƙarasa kalmar sannan ka amsa.

Yanzu a ce duk da haka hannu ya zame. Ɗaga biro nan take, kada ka ƙarasa don kunya. Dubi abin da ka riga ka ja. Akwai kuskuren da ƙarin layi ɗaya yake mai da shi daidai ba tare da an taɓa tsohon ba: F tana zama E da layin ƙasa, P tana zama R da ƙafa, C tana zama G ko O, I tana zama T ko L in akwai fili a gidan. Wannan ba gyara ba ne, harafin ne bai gama fitowa ba ka ƙarasa shi. Sharaɗin shi ne in an duba kada a ga alamar harafi biyu. Amma mai da A ta zama U, ko 3 ta zama 8 a lambar asusu ko adadin kuɗi, wannan kada ka kuskura, ko da zai fito da kyau. A lamba ba na yarda da dabara.

In ƙarin layi ba zai yi ba, nemi sabon fom. A banki yawanci za su ba ka wani in an tambaya, kuma minti goma na sake kwafewa ya fi wa matar nan sauƙi a kan kuɗin mota Kamba zuwa nan sau biyu. Tsohon kuma ka yaga shi a gabanta ko ka ba ta, akwai lambobinta a ciki, ba abin barin kan tebur ba ne.

Sai fom ɗin da babu na biyunsa, irin wanda aka saya ko mai lamba a sama. A nan ba kai ke yanke hukunci ba. Ka bar kuskuren yadda yake, mai takarda ta kai wa akawu ta nuna masa ta tambaya. Wasu ofisoshin za su ce a ja siririn layi ɗaya a kai yadda na ƙasa zai karantu, a rubuta daidai a sama, mai takarda ta sa hannu a gefe. Wannan sokewa ce, amma da izininsu aka yi, a idonsu, kuma sa hannun nata ne ba naka ba. Abin da na hana ka shi ne ka yi ta kai kaɗai a nan ka aika.

Sauran abubuwan da ake maido takarda a kansu ƙanana ne. Gidan da bai shafi mutum ba, a sa N/A in fom ɗin bai hana ba, kada a bar shi a buɗe. Wurin da aka rubuta FOR OFFICIAL USE ONLY ko ɗigo kada ka sa. Sa hannu ba ya shiga dokar manyan baƙaƙe, mai shi zai yi irin wanda ya saba, cikin gidan da aka tanada, kuma ya zo ɗaya a duk shafukan. Wadda ba ta rubutu, a bar dangwalen yatsa sai gaban ma'aikacin, don da yawa suna son a yi suna gani. Hoton fasfo kuma ka sa mata shi a ambulan, in za a manna kada ƙusar sitefula ta bi ta fuska.

In matar ta dawo gobe, ka ce ta taho da takardar NIN ɗin ta asali, kuma kada ka karɓi kuɗin aiki karo na biyu. Miƙo mini kwalbar tifes ɗin, zan ajiye ta a durowata.