Na Tsaya wa Kamfanina Bashin Banki: Za a Taɓa Gonar Gadonmu?

Barista, ina da kamfanin casar shinkafa a wani ƙauye kusa da Haɗeja. Banki ya ba kamfanin rancen naira miliyan 15, na sa hannu a takardar lamuni. Yanzu biya ya gagara. Shin za su iya sayar da gonar da mahaifinmu ya bari, wadda ba a raba ba, ko shanun maiɗakina?

Alhaji, Allah ya kawo mafita. A ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, kamfani daban, mai shi daban, kuma bashinsa nasa ne. Amma ranar da ka sa hannu a takardar lamuni, ka ɗora wa kanka bashin. Yawancin takardun nan sun ba banki damar ya neme ka kai tsaye, ba sai ya fara sayar da injin casa ba.

Sai dai lamuni ba jingina ba ne. In ba ka jinginar da gida, fili ko wata kadara ba, banki ba shi da ikon ya yi gwanjon kayanka da kansa. Dole ya kai ka kotu ya sami hukunci. Ma'aikatan kotu kan fara da abin da ake iya ɗauka, kamar mota da buhunan shinkafa, sai in bai isa ba a nemi izinin kotu a taɓa ƙasa.

Kai ka ci lamuni, ba gidanku ba. Gonar da ba a raba ba ta dukkan magada ce, kasonka kaɗai bashin ke iya kaiwa. A ce ku maza uku ne da mata biyu, ba wani magaji: kashi takwas ke nan, naka biyu. Amma sau da yawa a nan ake samun matsala, domin babban wa kan yi wa gonar takarda da sunansa shi kaɗai. In haka ka yi, kuma ka miƙa wa banki takardar, 'yan uwanka sai sun shiga shari'ar da shaidu kafin su kuɓutar da haƙƙinsu. Shanun Hajiya kuwa nata ne, muddin ba ta sa hannu ba. In aka kama su, ta shigar da ƙorafi a kotun nan take, da shaidar saye ko ta mai unguwa.

Kada ka mayar da gidanka sunan ɗanka yanzu. Kotu na iya rushe kyautar da aka yi don guje wa mai bin bashi.

Ka kai wa lauya kwafin takardar a makon nan. A duba ko lamunin ya tsaya kan miliyan 15, ko an rubuta duk abin da banki ke bin kamfanin har da kuɗin ruwa. Sannan ka nemi banki a rubuce ya sake tsara biyan, kafin sammaci ya iso.