An tambaye ni albashi, ban san aikin ba tukuna

Malam, barka da aiki. Ni ɗan Garwa ne, ina kula da sito a wani shagon kayan gini, ana biya na sefa dubu 90 a wata. Wani dillali ya haɗa ni da kamfani a Injamena. Mai ɗaukar ma'aikatansu ta kira, kafin ta faɗa min komai kan aikin ta ce nawa nake so. Kawuna ya ce in faɗi kaɗan don kada a ba wani, daga baya a ƙara. Me zan ce mata?

Ƙanena, kawunka na son ka, amma a nan bai yi daidai ba. Kuɗin da ka fara furtawa shi ake rubutawa a kwantiragi, duk wani ƙari kuma a kansa ake lissafawa. Gobe shi wannan kawun zai kira ka a kan kuɗin makarantar yara, ba zai tuna shi ya sa ka karya farashin kanka ba. Wanda zai ci daga albashi ba shi da hurumin cewa a rage shi.

Ba a yi wa buhu ciniki bakinsa a ɗaure. Idan ta sake kira, ka ce: "Madam, aikin na so, amma ki fara bayyana min nauyinsa don kada in faɗi abin da bai dace ba. Nawa kamfani ya ware wa wannan gurbin?" Ba rashin kunya ba ne, kusan kullum da ma akwai kasafin a rubuce. Idan fom ne, a gurbin prétentions salariales, wato albashin da kake nema, ka rubuta à négocier selon le poste, wato za a daidaita gwargwadon aikin.

Abin da ya fi damuna a aikin sito shi ne wa ke ɗaukar asara. Ka tambaye ta kai tsaye: idan an ƙirga kaya aka ga siminti buhu goma ya yi ƙafa, daga albashinka za a cire? Mutum nawa ke riƙe da makulli? Sito mai makulli ɗaya daban, wanda direbobi da lebura ke shiga da daddare daban, kuɗinsu ba zai zo ɗaya ba. Sannan ka ji ko ana aiki Asabar, ko akwai masauki, ko za a riƙa tura ka Mundu ko Abeche raka kaya.

In ta matsa sai ka ba da lamba, kada ka lalubo ta a waya. Yi lissafinka tun yau. Dubu 90 ɗinka ta Garwa tana isarka ne saboda a gida kake kwana, a gida kake ci. Mu ƙaddara a Injamena ɗaki dubu 40, abinci 45, abin hawa 20, aiken gida 30, ajiya da kuɗin motar zuwa sallah 15. Dubu 150 ke nan, ba ka yi ciwon kai ba. Nemi wani da ke zaune can ya gyara maka waɗannan lambobin. Kuɗin ƙasashen biyu ɗaya ne, babu ribar canji da za ta cike maka giɓi. Sai ka ce mata: "Tsakanin dubu 170 da 200, abin da zai shiga hannuna bayan an cire kuɗin fansho na CNPS da haraji, kuma zan tabbatar bayan na ga takardar aikin." Ta ƙasan za su ji, don haka ta zama wadda za ka karɓa ba tare da cizon yatsa ba. Kada ka bari albashinka na yanzu ya zama ma'auni. In ta tambaya, ka faɗi gaskiya, ka ƙara da cewa ba ka biyan haya.

Dillalin kuwa, kada ya ji lambarka. Na ga wani yaro daga Marwa da ya gaya wa dillali dubu 100 ta ishe shi, ashe kamfanin 160 yake bayarwa, kuɗin kuma ta hannun dillalin suke bi. Sai da ya yi hira da abokin aikinsa ya gane. Alamar a fili take: dillalin da ke hana ka magana da kamfani, ko yake neman kuɗin "buɗe fayil" kafin ka ga kwantiragi. Kai baƙo ne a Chadi, kwantiraginka sai ya bi ta ofishin ONAPE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasar, a ba ka takardar izinin aiki. Ka tambayi madam ɗin wa zai biya kuɗin wannan takardar, a sa amsar a rubuce kafin ka ajiye aikinka na Garwa ka haye gadar Ngeli.