Zan sayi gwajin asali na dala 100, ko in bar kuɗina?

Tambaya daga Zariya: "Malam, kakata takan ce mu jinin Larabawa ne. Na ga tallan wani gwaji a waya, ka tofa yawu a kwalba ka aika waje su faɗa maka launin jinsinka kashi-kashi, wai dala 100 banda kuɗin aikawa. In saya?"

Ɗan'uwa riƙe kuɗinka tukuna. Ka buga dala 100 a canjin yau ka ɗora kuɗin aikawa zuwa da dawowa, ka ga abin da zai yi maka a cefanen gida, sannan ka ji abin da za su sayar maka. Ba wani hatimi a jikin mutum da aka rubuta Balarabe ko Bature ko baƙar fata wanda injin zai gano. Abin da suke yi shi ne su duba wurare wajen dubu 600 a cikin ƙwayoyin gadonka, su kwatanta da na mutanen da suka riga suka tara a rumbunsu, sai su ce ka fi kama da waɗannan da kashi kaza. Mutanenmu kuma ba su da yawa a rumbunan nan, shi ya sa in kamfani ya ƙara sabbin mutane sai ka ga kason ya canza, bara an ce maka kaza bana an ce kaza alhali yawun nan ɗaya ne.

Kuma dalilin da ya sa ba za su iya yanke maka magana ba ya wuce ƙarancin rumbu. A 1972 wani masani a Amurka, Richard Lewontin, ya ɗauki bayanan rukunin jini da wasu sinadaran jini na al'ummomi daban-daban na duniya ya auna inda bambancin mutane yake. Sai ya tarar wajen kashi 85 cikin 100 na bambancin yana cikin al'umma ɗaya ne, wato tsakaninka da maƙwabcinka, wajen kashi 8 tsakanin al'ummomin da ake lissafawa jinsi ɗaya, abin da ya rage tsakanin manyan jinsunan da ake ta magana kashi 6 ne da ɗan ɗoriya. An sake irin wannan lissafi da kayan aiki na zamani a 2002 da mutum sama da 1,000 daga al'umma 52, kason na cikin gida ma sai ya haura 90.

In lissafin ya yi maka nauyi ka ɗauki rukunin jini da kowa ya sani. A da B da AB da O duk akwai su a Kano, akwai su a Landan, akwai su a Sin, yawan kowanne ne kawai yake hawa da sauka daga wuri zuwa wuri. Ranar da kake neman jini a asibiti Bature mai rukuninka zai iya ba ka, ƙaninka uwa ɗaya uba ɗaya kuwa wataƙila nasa bai dace ba. Yawancin ƙwayoyin gado haka suke, ana samunsu ko'ina.

Akwai kuma abin da masu tallan nan ba sa so ka tsaya a kai. Mutanen da ke wajen Afirka yawancin asalinsu daga wani ƙaramin ayari ne da ya fita daga nahiyar shekara dubu 50 zuwa 70 da suka wuce, kamar ka ɗebi tafi ɗaya daga buhun da aka gauraya iri-iri, abin da ke tafin yawancinsa akwai shi a buhun amma buhun ya fi shi kala. To shi ya sa bambancin da ke tsakanin mutanen Afirka su kansu ya fi na ko'ina yawa. A 2010 da aka karanta ƙwayoyin gadon wasu dattawan ƙabilar San na Namibiya tare da na babban limamin cocin nan na Afirka ta Kudu, Desmond Tutu, an ga mutum biyu daga cikin dattawan nan sun bambanta da juna fiye da yadda Bature ya bambanta da mutumin Asiya. Amma a takarda duk akwati ɗaya za a zuba su, baƙar fata.

Ba ina cewa babu bambanci sam ba ne, in aka haɗa dubban wurare ana iya hasashen yankin da kakannin mutum suka fito, kuma a matakin nahiya hasashen yakan yi daidai. Sai dai bambancin a hankali yake sauyawa da nisan tafiya, ba katanga. Ka bi kogin Nilu daga Iskandariya zuwa Aswan, ka wuce Khartoum har Juba, fata tana ƙara duhu sannu a hankali, kuma ba garin da za ka tsaya ka ce a nan fari ya ƙare baƙi ya fara. Ko da takardar ta ce kana da kashi kaɗan na Arewacin Afirka, hakan bai nuna maka wane kaka ba ne ko wane gida, mutane sun yi ɗaruruwan shekaru suna ratsa Sahara suna aure. Kuma yawunka da bayananka suna hannun kamfanin da ba ka san me zai yi da su gobe ba. Ka je ka zauna da kakar taka tun tana raye ka rubuta sunayen da ta sani.

Tambaya daga Kano: "Ni AS ce, wanda zan aura ɗan Indiya ne Musulmi, ya ce sikila ciwon baƙar fata ne, ba sai ya yi gwaji ba. Hankalina ya ƙi kwanciya."

Ƙanwata gara da hankalin naki bai kwanta ba, kuma kar ki ji kunyar nacewa. Sikila zazzaɓin cizon sauro ta bi, ba launin fata ba, domin mai AS yana da ɗan kariya daga mummunan zazzaɓin, sai ƙwayar gadon sikilar ta yawaita duk inda sauro ya daɗe yana kisa. Akwai ta sosai a tsakiyar Indiya, akwai ta a gabashin Saudiyya wajen Qatif da Al-Ahsa, akwai ta a sassan Girka da Turkiyya, alhali Zulu na Afirka ta Kudu baƙaƙe ne amma da wuya ka same ta a cikinsu. In ya fito AS kamar ke, kowane ciki yana da kasadar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, kowane ciki fa, ba wai in na fari ya zo SS ukun da ke biye sun tsira ba. Ku je tare asibitin da kika yarda da shi, a ɗebi jinin a gabanki, kar ki karɓi takardar da aka kawo miki daga wani wuri don takardun jinotaif na bogi sun yi yawa kuma wasu ƙananan ɗakunan gwajin suna kuskure. In da hali a maimaita a wuri na biyu. Ki roƙi likita ya duba har da talasimiya, wata cutar jini ta gado, ita ma tana da yawa a Indiya, kuma in ta haɗu da S ɗinki yaro zai iya yin ciwo irin na sikila. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku ya faɗa kafin a gwada shi, jinin wani yana rikita sakamako. Allah Ya sa a ji alheri.

Tambaya daga Maraɗi: "Akwai maganin ƙarin kuzari da aka rubuta na baƙar fata ne kawai, ya ninka na kanti tsada. Ya fi kyau?"

Haba malam. Wace baƙar fatar, ta Maraɗi ko ta Habasha ko ta Namibiya? Juya kwalbar ka karanta abin da ke ciki da adadinsa, ka kwatanta da na kantin, ka duba lambar hukumar magunguna da ranar lalacewa. In iri ɗaya ne sayi mai arahar, in kuma kasala ce ta dame ka je a gwada jininka tukuna.