Kyawun rubutu zai iya ciyar da ni?

Tambaya: Malam, tun ina makaranta ake yaba rubutuna. Ina so in fara rubuta allunan shaguna da na bukukuwa in riƙa samun na kashewa. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, fara da ajiye biro. Biro 'yan yatsu ke juya shi, burushi kuwa daga kafaɗa ake jansa, kana tsaye, fenti yana neman zuba. Samo tsofaffin kwalaye ka yi mako biyu kana jan layi a tsaye da a kwance da da'ira kawai.

Amma abin da ke kayar da sabon hannu shi ne awo. Ka sha ganin allon da haruffansa suka fara da girma, suka ƙare a matse a gefe kamar fasinjojin bayan a-kori-kura. A ce tela ya kawo maka filawud mai faɗin ƙafa 4, wato inci 48, yana son TELAN ZAMANI. Bar inci 3 a kowane gefe, saura 42. Haruffa 11 ne, da fili ɗaya tsakanin kalmomin, 12 ke nan, don haka kowanne ya samu inci 3 da rabi. Sai dai M ya fi kowa cin wuri, I kuma siriri ne, abin da ka rage a I ka ƙara wa M. Tsayi kuma nisa ke yanke shi: kusan inci 1 ga kowace ƙafa 10. In mai wucewa yana ƙafa 50 daga shagon, harafin kada ya gaza inci 5. Zana komai da alli, ka ja da baya har bakin titi ka duba, sannan ka buɗe gwangwanin fenti.

Fentin mai za ka yi amfani da shi, bayan ka shafa na ƙasa ya bushe sarai. In ka cika masa kananzir zai yi hawaye, launin ƙasa ya riƙa leƙowa. Lokacin hunturu ka yi aikin cikin ɗaki, don ƙura na mannewa a ɗanyen fenti.

Mai shago ya rubuta maka sunan da lambar wayarsa da hannunsa. Na taɓa sake allo guda da kuɗina saboda lamba ɗaya da na ji ba daidai ba. Kuma ka karɓi kafin alƙalami da zai sayi kayan aiki.

Ɓangaren biki, masu buga bana, wato ƙyallen sanarwa, da na'ura sun kwashe manyan ayyuka, kada ka yi gasar araha da su. Nemi abin da ake so da hannu: sunayen baƙi a katin gayyata, allon maraba a ƙofar wurin walima, da zayyanar allon sauka. Wannan na ƙarshe, ka zauna gaban mai zayyana ka koya, kuma malami ya duba maka kowane wasali kafin allon ya bar hannunka.