Kwarjinin kyakkyawar fuska

Tambaya: "Me ya sa da na ga baƙo kyakkyawa sai in ɗauka yana da kirki da basira?"

Masanin halayyar ɗan Adam Edward Thorndike ne ya raɗa wa abin suna "halo effect" a 1920, bayan ya lura hafsoshin soja kan yaba wa soja mai kyan ƙira da basira da iya jagoranci duk a lokaci guda. Ƙwaƙwalwa ba ta son giɓi. Fuska kaɗai ka gani, sai ta cike sauran da abin da ya yi daidai da daɗin da ka ji.

Inda ya fi ɓarna shi ne wajen tantance mai neman aiki. Gyaran mai sauƙi ne: rubuta halaye uku da kake nema kafin ya shigo, ka ba kowanne maki daban, tare da hujjarsa. In makin duka ya zo ɗaya babu hujja, to fuskar ka auna.