Banki ya ƙi biyan LC saboda kuskure a takarda

"Na tura kaya, sun isa lafiya, amma banki ya ƙi biyana kuɗin LC wai takarduna ba su dace ba. Ina laifina?"

Malam, LC takardar alkawari ce da bankin mai saye ke bayarwa cewa zai biya mai sayarwa, amma banki bai taɓa ganin kayanka ba. Dokokin UCP 600, waɗanda bankuna ke bi a harkar LC, sun ce takardu kawai yake dubawa, cikin kwanakin aiki 5. Alkawarinsa na biya yana kan sharuɗɗan da aka rubuta, in ya biya a kan takardu masu saɓani, mai saye na iya ƙin mayar masa da kuɗinsa. Shi ya sa yake tsanantawa.

A ce LC ta ce tan 100 na riɗi, ranar ƙarshe ta lodi 30 ga Yuni. Za a karɓi tan 103, domin ana yafe kashi 5 cikin ɗari a kayan da ba a ƙirga da buhu ba, muddin kuɗin bai haura na LC ba. Amma takardar lodin jirgi mai 1 ga Yuli, wannan saɓani ne, kwana ɗaya tak. Haka in ka kai takardun bayan kwana 21 da lodi. Rasiti kuwa, bayanin kaya a cikinsa sai ya dace da na LC. Ni kwafe shi nake yi kalma-kalma.

Duba sanarwar ƙin biyan, dole ta lissafa kowane saɓani a karo ɗaya. In wa'adi bai ƙare ba, gyara ka sake miƙawa. Ranar lodi ba ta gyaruwa, sai ka roƙi mai saye ya yafe, kuma a nan wasu ke neman ragin farashi.