Dalilin da ya sa fadama ke fitowa a matsayin ƙasar masara a taswirar da aka haɗa da nauyi

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina haɗa taswirar dacewar ƙasa da noman masara a wata ƙaramar hukuma kusa da Zariya. Na ba gangara nauyin kashi 20, zurfin ƙasa 30, ruwan sama 30, tsanewar ruwa 20, maki daga 1 zuwa 4. Amma fadamar da ruwa ke kwanciya duk Agusta ta fito a aji na biyu, kuma babu inda ya fito a matsayin wanda bai dace ba. Shin nauyin zan sauya?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Sauya nauyi ba zai warware maka wannan ba, domin matsalar tana cikin yadda lissafin kansa yake aiki, kuma da lambobin da ka bayar za a iya ganinta a fili.

Mu ɗauki fiksel guda a tsakiyar fadamar. Wurin shimfiɗe yake, gangararsa ba ta kai kashi 2 cikin ɗari ba, saboda haka ya sami maki 4. Ƙasar laka ce mai zurfi wadda ta wuce mita guda, nan ma 4. Ruwan sama a yankin Zariya yana kai wa milimita 1000 ko ɗan sama da haka a shekara, wanda ya wadaci masara, wani 4 ke nan. Tsanewar ruwa kaɗai ce ta sami 1. Idan ka ninka kowane maki da nauyinsa, za ka sami 0.8 da 1.2 da 1.2 da 0.2, jimla 3.4, kuma da yake Weighted Overlay na ArcGIS yana mayar da sakamako zuwa cikakkiyar lamba mafi kusa, sai ya rubuta 3, wato aji na biyu. Yanzu ka ɗaga nauyin tsanewa zuwa 40, ka bar sauran ukun a 20 kowanne: jimlar ta zama 2.8, har yanzu 3 za a rubuta. Kafin wannan fiksel ya faɗo ƙasa da 1.5 ya shiga ajin da bai dace ba, sai ka ba tsanewa nauyin da ya haura kashi 83, kuma idan ka yi haka ka kashe sauran leyoyin uku, taswirar ta koma ta tsanewa kawai.

Abin da ke faruwa shi ne, tara maki da nauyi yana barin alherin wata sifa ya biya bashin wata, alhali masara ba ta karɓar irin wannan biya. Saiwarta na buƙatar iska, kuma idan ruwa ya kwanta mata na 'yan kwanaki, musamman tana ƙarama, ganyen ƙasa zai yi rawaya, karan ya tsaya da girma, zurfin ƙasar kuwa bai amfane ta da komai ba tunda saiwar ba za ta shiga inda ruwa ya cika ba. Kamar ɗalibin da ya ci darussa takwas ne amma ya faɗi lissafi: matsakaicin makinsa mai kyau ne, sai dai ba zai sami gurbin karatun da ya wajabta lissafi ba.

Ina roƙonka ka duba wani wuri a taswirarka, domin na fi jin tsoronsa a kan fadamar. A ƙasar nan tamu akwai tudun da yake shimfiɗe sumul, ruwa ba ya kwanciya, amma da ka haƙa taƙi ɗaya sai gatari ya yi ƙara a kan marmara. A irin wannan wuri gangara 4 ce, ruwan sama 4, tsanewa 4, zurfi 1, jimla 3.1. Gona ta gari kuwa wadda ta sami 4 a ruwan sama da 3 a sauran sifofin uku, mai ɗan gangara, mai zurfin santimita 60, wadda manomi zai cika rumbu da ita idan ya yi kunya a gicciye ya zuba taki, jimlarta 3.3 ce. Ga filaye uku a launi ɗaya, kuma wanda ya fi su amfani bai ma kai fadamar maki ba. Fadama kowa ya san ta, manomi ba zai bi taswira ya zuba masara a cikin ruwa ba, amma tudun marmara yana iya yaudarar wanda zai sayi fili ko ya raba shi daga ofis.

Game da rashin fitowar ajin da bai dace ba, leyar ruwan sama ce sanadi. Idan da CHIRPS ka yi aiki, faɗin fiksel ɗinsa kimanin kilomita 5.5 ne, wato fiksel guda ya rufe fiye da fiksel 30,000 na bayanan tudu da kwari na SRTM mai mita 30, kuma a faɗin ƙaramar hukuma ɗaya matsakaicin ruwan shekara ba ya sauyawa har ya tsallaka daga aji zuwa aji. Ko'ina ya sami 4, ko'ina an ba shi kyautar 1.2 tun kafin a duba ƙasarsa. Ko da wuri ya sami 1 a sauran sifofin uku gaba ɗaya, jimlarsa 1.9 ce, za a rubuta 2. Da wannan tsari babu yadda za a yi aji na ƙarshe ya bayyana, ko da dutse ne tsirara. Ruwan sama yana rarrabe ƙasa idan aikin ya ratsa daga kudancin Kaduna zuwa iyakar Katsina da Nijar. A yanki ƙarami, ni dai nakan tabbatar ya wadatar, in rubuta haka a rahoto, sannan in cire shi daga lissafin in raba nauyinsa ga sauran. Idan mai duba aikinka ya nace sai ya shiga, to ka yi amfani da abin da ya fi jimlar shekara ma'ana ga masara, kamar tsawon damina ko yawan fari a lokacin fitar bunu da gemu, kuma ka rage masa nauyi.

Gyaran yana da mataki biyu. Na farko, duk inda wata sifa ta sami 1, a fitar da wurin kafin a yi tarawa. A ArcGIS, cikin jadawalin Weighted Overlay, ka sa wa wannan ajin Restricted maimakon 1. A QGIS kuwa, Raster Calculator zai yi maka da wannan, inda duk wurin da ya faɗi a sifa guda zai fito da sifiri:

```
("gangara@1" > 1) * ("zurfi@1" > 1) * ("ruwa@1" > 1) * ("tsanewa@1" > 1) *
(0.2*"gangara@1" + 0.3*"zurfi@1" + 0.3*"ruwa@1" + 0.2*"tsanewa@1")
```

Wannan bai kammala aikin ba, domin gefen fadama da ya sami 2 a tsanewa da 4 a sauran zai tashi da 3.6, a rubuta masa 4, ya zama aji na farko alhali a shekara mai ruwa da yawa masararsa za ta wahala. Shi ya sa mataki na biyu shi ne ka fitar da taswirar maki mafi ƙanƙanta, ta hanyar Cell Statistics ka zaɓi Minimum, ka ajiye ta kusa da ta nauyin. Wannan ita ce hanyar da masu bin tsarin FAO na 1976 suka daɗe suna amfani da ita, inda sifa mafi rauni ke yanke ajin ƙasa, S1 ko S2 ko S3 ko N, har a liƙa wa ajin ƙaramin harafi da ke nuna abin da ya tauye shi. Tana da tsauri, kuma ba ta bambanta ƙasa mai aibi ɗaya da mai aibi uku, wanda shi ne abin da tara nauyi ya fi ta iyawa. Ƙa'idar da na tsaya a kanta ita ce kada ajin ƙarshe ya haura maki mafi ƙanƙanta da fiye da mataki ɗaya, don haka wancan gefen fadama zai tsaya a 3. Wannan hukuncina ne na aiki, kuma idan ka ɗauke shi ka bayyana shi a rahoto yadda mai karatu zai san abin da aka yi.

Akwai tambayar da nake so ka amsa wa kanka kafin ka sake lissafi: daga ina leyar tsanewarka ta fito? Na ga ayyuka da yawa da aka ciro hanyoyin rafuka daga bayanan tudu da kwari, aka auna yawansu ko nisa daga gare su, aka sa a gurbin tsanewa. Wancan bayanin magudanan ruwa ne a bisa ƙasa, abin da masara ta damu da shi kuwa shi ne tsawon lokacin da ruwa ke zama a cikin ƙasar inda saiwa take, kuma ana gane shi ne a rami. Ka haƙa mita guda ka dubi bangon. Ƙasa mai tsanewa launinta ja ne ko ruwan ƙasa bai ɗaya har ƙasa. Wadda ruwa ke zama a cikinta takan yi toka-toka da ɗigo-ɗigo masu launin tsatsa, kuma wannan alama tana nan ko da rani ne, lokacin da saman ya bushe ya tsattsage. Na taɓa tsayawa a bakin irin wannan rami a watan Fabrairu, sama ƙura ce kawai, amma daga santimita 30 zuwa ƙasa bangon duk toka ne da tsatsa, mai gonar kuma ya ce tun zamanin mahaifinsa shinkafa da rake kaɗai ake sa wa wurin. Idan ɗigon ya fara a cikin santimita 50 na sama, ba na ba wurin fiye da 2 ga masara.

Zurfin ƙasa ma haka yake. Taswirori irin su SoilGrids, mai fiksel na mita 250, hasashe ne daga ramuka da ke warwatse, kuma zurfi zuwa dutsen asali daban yake da zurfin da saiwa ke iya shiga, domin marmara na iya tare saiwa a santimita 20 alhali dutsen yana can ƙasa da nisa. Iyakokin da nake farawa da su ga masara su ne sama da santimita 75 maki 4, daga 50 zuwa 75 maki 3, daga 25 zuwa 50 maki 2, ƙasa da 25 maki 1, amma sai an auna su a kan abin da ke tare saiwa. Gangara kuwa ba ta da wahala muddin ka mayar da bayanan zuwa ma'aunin mita kafin ka lissafa ta, wato EPSG:32632 ga yankinku, ka kuma tabbatar kashi cikin ɗari ka zaɓa, ba digiri ba.

Idan za a nemi ka kare nauyin ta hanyar AHP ta Saaty, ka yi, ka tabbatar ma'aunin daidaiton bai kai 0.1 ba, amma ka sani cewa wannan lamba tana nuna ra'ayoyinka ba su ci karo da juna ba ne kawai, ba ta ce komai a kan ko masara za ta yi. Gwajin da ya fi amfani shi ne ka motsa kowane nauyi sama da ƙasa da kashi 10, ka ga hekta nawa suka sauya aji. Wuraren da ke sauyawa su ne za ka fara kai wa ziyara. Ka ware aƙalla wurare 10 a kowane aji, ka je a cikin Agusta lokacin da ruwa ya kai ƙarshen ƙarfinsa, ka haƙa, ka dubi masarar da ke tsaye, ka tambayi mai gona ko wurin jigawa ne, ko jangargari, ko fako, da abin da yake shukawa a shekara mai ruwa. Fadamar taka kuma kada ka bar ta da sifiri kawai a rahoton: ka sake ba da makin tsanewa da buƙatar shinkafar fadama, inda laka mai riƙe ruwa ke samun maki mai yawa, ka fitar da taswira ta biyu da waɗannan leyoyin huɗu da ke hannunka.